Gwanin da Ya San Makwancin Kowane Irin Bayani

Duk wanda ya buɗe shafin kamfanin da ke ba da hayar ma'ajiya a gajimare zai tarar da zaɓi uku a gabansa: `Block`, `File` da `Object`, wato ma'ajiyar bulo, ma'ajiyar fayil da ma'ajiyar ƙunshi. Sabon shiga sai ya tafi kai tsaye wurin farashi, ya ga wannan ya fi wancan araha a kowane gigabayit, ya danna. Gwani kuwa ba ya ko kallon farashi tukuna. Tambaya yake fara yi a kan halin abin da za a ajiye: da zarar an rubuta shi, ana komawa a gyara shi, ko kuwa shi ke nan? Idan ana gyarawa, ɗan tsito ake taɓawa ko duka ake sauyawa? Na'ura ɗaya ce ke taɓa shi ko mutane da yawa lokaci guda? Ranar da ya ɓace, awa nawa za a iya jira kafin ya dawo? Wannan natsuwar ce take burge ni a aikin, domin amsoshin nan su ne ke yin zaɓin, farashi kuma sai ya biyo baya.

Ma'ajiyar bulo ita ce faifai tsurarsa. Abin da take bai wa kwamfuta shi ne jerin ƙananan gurabu masu girma ɗaya, galibi bayit 512 ko kilobayit 4, kowanne da lambarsa. Ba ta san sunan fayil ba, ba ta san folda ba. Kwamfutar da aka jona mata ita ce ke shimfiɗa tsari a kai, kamar `ext4` ko `XFS` ko `NTFS`, kuma ita kaɗai ke riƙe da lissafin abin da ke ina. Faifan da ke cikin kwamfutarka irin wannan ne, haka ma `EBS` da kamfanin Amazon ya fito da shi a 2008. Ƙarfinta shi ne a je gurbi guda a sauya shi nan take, ba tare da an taɓa na kusa da shi ba.

Ma'ajiyar fayil kuwa wata na'ura ce ke riƙe da tsarin folda da sunaye da izinin shiga, sauran kwamfutoci suna zuwa wurinta ta netwok. Hanyoyin da aka fi bi su ne `NFS`, wanda kamfanin Sun Microsystems ya ƙirƙira a 1984, da `SMB` na duniyar Windows. Tunda mai riƙe da lissafi ɗaya ne, mutum goma za su iya buɗe folda guda lokaci ɗaya, kuma akwai mai raba gardama idan biyu suka nufi fayil ɗaya.

Ma'ajiyar ƙunshi ta bi wata hanya dabam, kuma `S3` na Amazon da ya fito a watan Maris na 2006 shi ya yayata ta. Kamar saƙon da ake bayarwa a tashar mota take: ka ɗaure kayanka, a rubuta suna a jiki, a karɓa. Kana iya zuwa ka karɓa, kana iya kawo wani ƙunshin ya maye gurbinsa, amma ba a kwance maka shi a sa hannu a sauya abu ɗaya a ciki. Ana magana da ita ne ta `HTTP`, da umarni irin `PUT` da `GET`. Karanta wani yanki na tsakiyar ƙunshi mai yiwuwa ne, gyara shi ne ba ya yiwuwa sai an sake rubuta ƙunshin gaba ɗaya. Saboda ta sauke wa kanta nauyin gyare-gyare, sai ta samu damar bazuwa a kan dubban faifai a gine-gine daban-daban, ta yi araha, ta kuma yi wuyar ɓatar da abu.

Don a ga hannun gwani sosai, mu ɗauki misalin wani kamfanin shirya fina-finai a Kano. Yana da masu tace fim huɗu, da ɗanyen bidiyo na terabayit 20, da manhajar da masu kallo ke biyan kuɗi su kalli fim a waya. Bayan manhajar akwai rumbun bayanai na `PostgreSQL` mai gigabayit 40, inda sunayen masu rajista da biyan kuɗinsu suke. Mai kamfani yana son wuri guda da zai zuba komai ya huta. Gwani zai ce masa: ranka ya daɗe, kaya iri uku ne a nan, kuma halinsu ba ɗaya ba ne.

Rumbun bayanai

Da mafi ƙanƙanta yake farawa, domin shi ne mafi tsada idan ya lalace. `PostgreSQL` yana ajiye bayanansa ne shafi-shafi, kowane shafi kilobayit 8, a cikin fayiloli da ba sa wuce gigabayit 1 kowanne. Idan wata mai kallo ta biya kuɗin wata, shafi ɗaya ko kaɗan ne ke sauyawa. A ma'ajiyar bulo, waɗannan shafukan kawai za a rubuta. A ma'ajiyar ƙunshi kuwa, sauya kilobayit 8 na nufin sake tura fayil na gigabayit 1, wato ninki 131,072 na abin da ake buƙata. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya rufe maganar.

Akwai kuma dalili na biyu da ya fi zurfi. Kafin rumbun ya ce wa manhaja kuɗi sun shiga, sai ya rubuta abin da ya faru a kundinsa na `WAL`, sannan ya kira `fsync`, wato ya tsaya har faifai ya tabbatar masa cewa rubutun ya zauna, ko da wuta za ta ɗauke a daƙiƙar da ke biye. Kowace ma'amala tana jiran wannan amsar. Idan faifai na amsawa cikin milisakan 1, layi guda zai iya kammala ma'amala kusan 1,000 a jere cikin daƙiƙa. Idan amsar na ɗaukar milisakan 50, irin jinkirin da ba abin mamaki ba ne a ma'ajiyar ƙunshi, 20 kacal zai kammala. Don haka a nan gwani ba yawan gigabayit yake aunawa ba, saurin amsa yake aunawa da yawan ƙananan ayyukan da faifai zai iya a daƙiƙa, abin da ake rubutawa `IOPS`. Faifan `gp3` na Amazon, alal misali, yana zuwa da 3,000 tun daga tushe. Idan kowane aiki kilobayit 8 ne, megabayit 24 ke nan a daƙiƙa. Adadin ƙarami ne a ido, amma ga rumbu mai gigabayit 40 ya wadatar, musamman idan saba na da ƙwaƙwalwar da za ta riƙe shafukan da aka fi nema.

Ba ya kuma yarda da abin da aka rubuta a takardar talla sai ya gwada da kansa:

```
pg_test_fsync -f /var/lib/postgresql/gwaji
iostat -x 5
```

Umarni na farko yana nuna sau nawa faifan ke iya tabbatar da rubutu a daƙiƙa. Na biyu yana nuna halin faifan yayin da ake aiki, kuma idon gwani na kan layin `w_await`, wato milisakan nawa kowane rubutu ke jira. Idan masu kallo suna kukan manhaja ta yi nauyi da daddare, alhali furosesa na zaune ba ta aikin kirki, sannan `w_await` ya tashi daga 1 ko 2 zuwa 30, to an gano mai laifi: faifai ne ya kai iyakarsa, ƙarin furosesa ba zai yi magani ba.

Wani zai ce, to me zai hana a ɗora rumbun a kan ma'ajiyar fayil ta ofis, tunda ga fili? Yana yiwuwa idan an saita `NFS` da kyau, kuma akwai manyan wurare da ke yi. Amma kowane rubutu sai ya ratsa netwok, kuma idan saitin ya bar saba tana cewa ta rubuta alhali abin na cikin ƙwaƙwalwarta, ɗaukewar wuta ɗaya za ta bar rumbu da giɓi. Masu `SQLite` ma sun yi gargaɗi a takardunsu cewa kulle fayil ta netwok ba abin dogaro ba ne a tsare-tsare da yawa. A ƙaramin kamfani, inda ba a rasa katsewar lantarki, gwani yana zaɓar hanyar da ba ta da wurin zamewa da yawa.

Bidiyon da ake kan tacewa

A ɗakin tacewa tambayar ta sauya. Mutum huɗu ne ke aiki a kan fim guda: wannan yana yanka, wancan yana gyara launi, wata tana haɗa sauti, wani yana sa fassara. Manhajojinsu fayil suka sani, suna neman sa da sunan folda, suna tsalle daga minti na 3 zuwa na 47 su dawo. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a jona faifan bulo guda ga kwamfutoci biyu ta `iSCSI`, da tsari irin `NTFS` ko `ext4` a kai. Kowace kwamfuta tana ɗaukar cewa ita kaɗai ce mai faifan, sai ta ga gurbi a lissafinta babu kowa ta rubuta a ciki, alhali ɗayar ta riga ta zuba nata. Kwana ɗaya ko biyu komai lafiya, sannan fayiloli su fara ƙin buɗewa. Shi ya sa a nan ma'ajiyar fayil ce amsa: akwatin `NAS` a cikin ofis, kowa ya shiga ta `SMB`.

Nan ma sai gwani ya ɗauko biro. Bidiyon `ProRes 422 HQ` a girman 1080 yana cin kusan megabit 220 a daƙiƙa, wato megabayit 27 da ɗoriya, ko kusan gigabayit 100 a awa guda. Wayar netwok ta gigabit 1 tana ɗaukar megabayit 110 da 'yan kai a daƙiƙa, don haka bidiyo huɗu ne za su bi ta lokaci guda. Masu tacewa huɗu, kowanne da bidiyo biyu a jere a kan allonsa, takwas ke nan, megabayit 220. Kafin a sayi komai ya riga ya san hoton zai riƙa sarƙewa, kuma ya san ba faifai ne zai jawo ba, wayar da ta fito daga akwatin ce. Maganin shi ne a ba akwatin hanya mai gigabit 10, ko a riƙa tacewa da ƙananan kwafi marasa nauyi, sai an zo fitar da fim a koma kan na asali.

Ranar da aka gama fim kuwa, halinsa ya sauya, kuma wannan shi ne abin da idon da bai goge ba ke tsallakewa. Fim ɗin da aka kammala ba a sake gyara shi. Sau ɗaya aka rubuta, dubban wayoyi ne za su karanta. Ya zama ɗan gidan ma'ajiyar ƙunshi ke nan. A yanka shi gutsi-gutsi na 'yan daƙiƙu a tsarin `HLS`, a zuba a can, a sa masu rarrabawa na `CDN` a gaba, kowace waya ta ja rabonta ta `HTTP`. Bidiyo ɗaya ne, amma yana kan teburin tacewa fayil ne, ya fita kasuwa kuma ƙunshi ne.

Akwai tarko a tsakanin biyun. Manhajoji irin `s3fs` suna sa ma'ajiyar ƙunshi ta bayyana kamar folda a kwamfuta, sai mutum ya ɗauka ya samu faifai marar iyaka a kan araha. Amma a ainihin `S3` babu folda. `fim/kashi1/a.mov` dogon suna ne guda da aka sa wa alamar `/` a ciki. Sauya sunan folda yana nufin a kwafe kowane ƙunshi zuwa sabon suna sannan a goge tsohon. Abin da akwatin ofis ke yi cikin ƙiftawar ido zai iya cin awanni idan bidiyon terabayit ne, kuma idan layi ya katse a tsakiya, rabi na nan rabi na can.

Kwafin ko-ta-kwana

A nan ne ake gane gwani na gaskiya, domin sai ya fara rushe abin da mai kamfani ya dogara da shi. Akwatin ofis yana da `RAID 6`, wanda ke jure mutuwar faifai biyu, kuma hakan na da kyau. Amma idan wani ya goge folda bisa kuskure, `RAID` zai goge ta a dukkan faifan lokaci guda. Idan ƙwayar cutar masu garkuwa da bayanai ta shiga kwamfutar mai tacewa, duk foldar da yake da izinin rubutu a ciki za ta kulle, har da wadda aka sa wa suna kwafin ajiya. Gobara ko ɓarawo kuma ba sa tambayar faifai nawa ne a akwati. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin OVH a Strasbourg ta ƙasar Faransa, kuma akwai abokan ciniki da suka rasa komai saboda kwafinsu na wuri ɗaya da na asali. Tsohuwar ƙa'idar 3-2-1 tana nan daram: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri mai nisa.

Kwafin ajiya abu ne da ake rubutawa sau ɗaya, ba a son kowa ya taɓa shi, kuma da wuya a karanta shi. Abin da ya hana ma'ajiyar ƙunshi ɗaukar rumbun bayanai, wato ƙin yarda da gyara, shi ne ya sa ta fi kowa dacewa a nan. Gwani yana kunna `Versioning`, ta yadda ko an rubuta wani abu a kan ƙunshi tsohon na nan a ƙasa. Yana ƙara `Object Lock` na kwana 30, misali, wanda a yanayin `Compliance` ko mai asusun ba zai iya goge kwafin ba sai wa'adi ya cika. Mabuɗin da saba ke turawa da shi kuma izinin ajiyewa kawai yake da shi, ban da gogewa.

Dubi yadda yake yi da rumbun bayanan nan. Kundin `WAL` yana fita ne fayil-fayil, kowanne megabayit 16, kuma da zarar ɗaya ya cika ba a sake taɓa shi. Ashe rumbun da ke zaune a kan bulo yana haifar da abin da ya dace da ƙunshi. Manhajoji irin `pgBackRest` da `WAL-G` suna kwashe waɗannan fayiloli zuwa can, tare da cikakken kwafi lokaci-lokaci. Idan aka sa wannan saitin:

```
archive_timeout = 60
```

to ko kundin bai cika ba za a rufe shi a tura bayan daƙiƙa 60, muddin an yi wani rubutu. Ko da sabar ta ƙone ƙurmus, abin da za a rasa bai fi na minti ɗaya da 'yan kai ba, kuma ana iya mayar da rumbun zuwa daidai mintin da ya gabaci kuskure.

Ɗanyen bidiyo na terabayit 20 kuwa lissafinsa dabam ne. A layin intanet mai megabit 100 a daƙiƙa, ko da bai taɓa katsewa ba, tura shi zai ci fiye da kwana 18, kuma dawo da shi ma haka. Ga shi kamfanonin gajimare da yawa ba sa karɓar kuɗin shigar da bayanai amma suna cajin fitarwa. Don haka gwani ba zai mai da gajimare kwafi na farko ba. Zai ajiye akwati na biyu ko kaset ɗin `LTO` a wani gini dabam a cikin gari, inda mota za ta ɗauko cikin awa guda, sannan ya riƙa tura fina-finan da aka gama da muhimman ɗanyun hotuna zuwa sashe mai araha. Ya kuma karanta sharuɗɗan sashen kafin ya zuba: `Glacier Deep Archive` yana cajin aƙalla kwana 180 ko da ka goge da wuri, kuma fito da kaya na iya kai awa 12. Ya dace da fim ɗin shekara biyar da ta wuce, bai dace da kwafin rumbun bayanai na daren jiya ba. Ƙananan fayiloli kuma, kamar dubban hotunan fosta da takardun aiki, yana ɗaure su da `tar` su zama ƙunshi guda, domin ana cajin kowace buƙata, kuma sashen `Standard-IA` yana lissafa duk ƙunshin da bai kai kilobayit 128 ba a matsayin 128.

Tsarin yana da iyaka, gwani kuma ya san ta. Akwai rumbunan nazarin alƙaluma da ke zaune a kan ma'ajiyar ƙunshi lafiya lau, saboda an gina su ne su riƙa rubuta sababbin manyan fayiloli maimakon gyara tsofaffi. Wannan bai karya ƙa'idar ba, ya ƙara tabbatar da ita ne: yadda ake rubutu shi ke yanke hukunci, ba sunan manhaja ba.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa. A ranar 31 ga Janairu 2017, wani injiniya a kamfanin GitLab ya goge bayanan babban rumbunsu bisa kuskure, kusan gigabayit 300. Da suka je ɗauko kwafin da ya kamata `pg_dump` ya riƙa turawa `S3`, sai suka tarar wurin wayam. Manhajar kwafin ta zubin 9.2 ce, rumbun kuma 9.6, don haka aikin yana ta faɗuwa, saƙonnin gargaɗin kuma ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su shi ne wani hoton faifai da aka ɗauka kimanin awa shida kafin nan, kuma aikin waɗannan awannin ya tafi. Su da kansu suka wallafa bayanin dalla-dalla. Ma'ajiyar da suka zaɓa daidai ce, kwafin ne bai taɓa isa cikinta ba.

Saboda haka gwanin kamfaninmu na Kano ba ya cewa ya gama ranar da ya raba kaya uku gida uku. Kowane wata yana tayar da sabuwar saba babu komai a cikinta, ya jawo kwafin rumbu daga ma'ajiyar ƙunshi, ya tayar da shi, ya duba ko biyan kuɗi na ƙarshe na jiya yana ciki, ya rubuta minti nawa aikin ya ci. Ya ɗauko fim guda daga akwati na biyu ya kunna shi daga farko zuwa ƙarshe. Wannan adadin mintocin shi yake kai wa mai kamfani, domin da shi ne za a san ko zaɓin da aka yi ya biya buƙata, ko kuwa akwai kayan da ya kamata a sauya wa wuri tun kafin ranar da za a neme su da gaggawa.